Albashi Na Wata Ne, Sana'a Ta Rayuwa Ce

Duk wanda ya zauna a majalisar dattawanmu a Adjamé bayan sallar la'asar ya san tambayar da ake fara yi idan aka ce yaro ya sami aiki: «Nawa za a ba shi?» Da wuya a ji wani ya ce: «Me zai koya a can?» Muna ganin wannan tambaya ta biyu ita ce ta fi cancanta a fara da ita, domin tun da muka yi sakaci da ita, samarinmu da yawa suke shekara goma a bakin ƙofa ɗaya, albashi bai ƙaru ba, hannu bai iya komai ba.

Bari mu buga misali. A ce saurayi ya tsaya da karatu bayan ya sami BEPC, yana karanta Faransanci, yana lissafi. Aka yi masa tayi biyu. Na farko, gadin wani sito a Adjamé kusa da gida, jika 105 a wata. Na biyu, yaron aike a ofishin masu fitar wa mutane kaya daga duwan a Treichville, jika 75, wato mafi ƙarancin albashin da doka ta tsayar a ƙasar nan tun Janairun 2023. Bambanci jika 30 ne. A ƙara kuɗin mota, a ce jika 15 a wata, tunda sai ya tsallake gada kullum. Ya zama jika 45. A shekara biyu, sefa miliyan ɗaya da jika 80 ke nan. Kada mu rufe ido: wannan kuɗi ne na gaske, kuma shi ne kuɗin makarantar da saurayin zai biya idan ya zaɓi Treichville. Abin da ya rage shi ne a duba ko makarantar ta kai kuɗinta.

To me ake koya a wurin? Yaron da ke ɗaukar takardu daga ofis zuwa kamfanin jirgin ruwa, daga can zuwa duwan, yana bin hanyar da kowace kwantena take bi kafin ta fita daga tashar Abidjan. Yana ganin takardar lodi wadda kamfanin jirgi yake bayarwa, wadda in babu ita ba a sakin kaya. Yana ganin yadda ake shigar da bayani a GUCE, da yadda ake bayyana kaya ga duwan a SYDAM World. Mafi tsada cikin abin da zai koya shi ne sanin lambar da kowane kaya yake faɗawa a cikin jadawalin haraji. Harajin shigo da kaya hawa biyar ne: babu ko kaɗan, sai kashi 5, da 10, da 20, da 35 cikin ɗari. Idan kaya na miliyan goma ne, aka sa shi a hawan 20 alhali na 10 ne, ɗan kasuwa ya yi asarar miliyan ɗaya kafin a zo ga sauran haraji. Idan kuma aka rage da kuskure, tara ce take biyo baya. Zai kuma koyi cewa kwantena tana da 'yan kwanaki na kyauta, suna ƙarewa kuɗin jinkiri ya fara hawa kullum. Wanda ya san waɗannan abubuwa biyu, lamba da lokaci, ɗan kasuwa ba ya sakinsa.

Sai mutanen da zai sani. Mai gadi yana gaisawa da mai sito da direbobi, iyakarsa ke nan. Yaron ofishin kuwa yana haɗuwa da masu kawo shinkafa da atamfa da wayoyi, da direbobin da ke ɗaukar kaya zuwa Mali da Burkina Faso. A nan muke da abin da wasu ba su da shi. Alhajin da ya fi sakewa da Hausa yana son wanda zai bayyana masa takardar duwan da harshensa, ba tare da ya ji kunyar tambaya ba. Hausar da saurayin yake ganin ta gida ce kawai, a wannan ofis jari ce.

Wannan lissafi ba baƙo ba ne a wurinmu. Fataucin goro, wanda har yau ake lodinsa daga Anyama, a kansa ya ginu. Yaron gida yana hidima wa maigida shekaru, ba don lada mai yawa ba. Yana koyon bambanta goro mai kyau da wanda ya soma lalacewa, yana sanin dillalai da masu masauki, har ranar da za a sallame shi da jari da suna. Sunan nan, wato a ce «yaron wane ne», shi yake sa a ba shi kaya bashi. Iyayenmu sun san albashin yaro ba a tafin hannu kaɗai yake ba.

Amma a yi hattara, ba kowane ƙaramin albashi ne makaranta ba. Akwai masu fakewa da «kana koyo» su ci gumin yara a banza. Alamar ganewa mai sauƙi ce: a tambayi ina waɗanda suka riga shi a wannan kujera suke yau. Idan an ce wane yana cika takardun duwan da kansa, wane ya buɗe nasa, to hanya ce. Idan babu wanda ya san inda suka nufa, ko kuwa suna nan suna aiken da suke yi tun shekara biyar, to rijiya ce. Sannan saurayin ya sa wa kansa wa'adi. Bayan wata shida, an bar shi ya buɗe fayil ya karanta, ko har yanzu sayen shayi da wankin mota ne aikinsa? Ya kuma tambaya tun ranar farko ko za a rubuta shi a CNPS, ya karɓi takardar shaidar aiki ranar da zai tafi. Shekarun da babu takarda a kansu, a idon ofis na gaba kamar ba a yi su ba.

Akwai kuma iyaka ta biyu, wadda ba za mu ɓoye ba. Wanda yake ciyar da uwa da ƙanne, yana biyan kuɗin haya, jika 45 ba abin da zai iya saryarwa ba ne. Ba mu ga laifinsa idan ya ɗauki gadi, kuma gadi aikin halal ne da ya rufa wa gidaje da yawa asiri. Sai dai a nan nauyin ya dawo kanmu. Idan yaya ko kawu ko ƙungiyar 'yan gari ɗaya za su iya haɗa kuɗin biki, za su iya ɗaukar kuɗin motar yaro na shekara guda. Wanda kuma Faransancinsa bai kai ba, ma'aunin bai canja ba: bencin mai gyaran waya a kasuwar wayoyi ta Adjamé, inda za a bar shi ya riƙe abin narka dalma da hannunsa, ya fi tsayuwa a ƙofar shago ana kiran masu saye.

Saboda haka, idan ɗanmu ya zo da labarin aiki, mu zaunar da shi, mu ɗauki alƙalami mu fitar da bambancin kuɗin na shekara biyu. Sannan mu aiki wanda ya san wurin ya binciko mana labarin yaran da suka wuce ta nan. Abin da ya dawo da shi, a kansa za mu yanke shawara. Allah Ya sa albarka a neman kowa.