Raddi ga Masu Cewa a Ɗaga `max_connections` Kawai

Saƙon `Too many connections` yana fitowa ne idan haɗin da manhaja ta buɗe da rumbun bayanai na MySQL ya kai iyakarsa, wadda 151 ce idan ba a taɓa ta ba. A Yamai, ranar fitar sakamakon jarrabawa irin ta BEPC ce ranar da shafin makaranta zai fi gamuwa da shi, domin iyaye da ɗalibai kan yi masa ca lokaci guda. Wasu masu gina shafuka na ganin maganin shi ne a ɗaga iyakar zuwa 1000, kuma hujjojinsu uku ne.

Sun ce jama'a ce ta yi yawa. Lissafi bai goyi bayansu ba. Yawan haɗin da ake buƙata shi ne yawan buƙatu a daƙiƙa a ninka da tsawon lokacin da kowace ke riƙe haɗin. A ɗauka buƙatu 200 ke shigowa a daƙiƙa, kowace tana gamawa cikin daƙiƙa 0.05: haɗi 10 sun wadatar. Idan kuwa neman lambar ɗalibi ya kai daƙiƙa 2, saboda ba a yi wa ginshiƙin lambar fihirisa ba kuma rumbun na karanta teburin gaba ɗaya, to sai an sami haɗi 400. Mutanen nan dai su ne, jinkirin ne ya cika gurbin. Umarnin `SHOW PROCESSLIST` zai nuna tambaya ɗaya jere a layuka da yawa, lokacinta na ta hawa.

Sun kuma ce raunin intanet a wayoyi ne. Amma ai haɗin da ake ƙirgawa tsakanin manhaja ne da rumbu. Nginx kan karɓe amsar daga PHP ya adana, sannan ya miƙa wa wayar a hankali bayan an saki haɗin.

Hujja ta uku ita ce ɗaga iyakar ba ta da illa. Nan ne kuskuren ya fi girma. Kowane haɗi yana cin nasa kason ƙwaƙwalwa, kuma idan ta ƙare, Linux kan kashe `mysqld` ɗungurungum. Daga nan saƙon ya koma `Connection refused`, ma'ana babu mai saurare a tashar 3306. An gudu ba a tsira ba: dā wasu na samun shiga, yanzu ba kowa. Ana gane hakan da `dmesg`, inda za a ga `Out of memory`.

Wurin da ya dace a sa iyaka shi ne manhajar. Injuna uku masu `pm.max_children = 80` na iya buɗe haɗi 240, sun zarce 151. A rage zuwa 45, jimla 135 ke nan, sauran buƙatu su ɗan jira layi. Ɗaga iyakar na da muhalli ne kawai idan tambayoyin na gamawa da sauri kuma an auna ƙwaƙwalwar an ga da saura.