Tallar Mai a Shanga: A Fara da Masu Suyar Kifi

Duk mai son tallata man girki a rediyo ga mutanen Shanga da Yawuri, ya fara sauraron matan da ke suyar kifin Kainji. Su ne ke sayen mai jarka-jarka, kuma kukansu biyu ne: kumfa da saurin yin baƙi. A kan wannan ya kamata a gina waƙar tallar. Daƙiƙa 30 da kiɗa ba za ta ɗauki fiye da kalma 60 ba, don haka alkawari ɗaya ya isa. Zabiya ta ja baiti: "Karfasa ta shiga kasko," 'yan amshi su karɓa: "Ba kumfa, ba ƙauri!" Ta sake: "Ƙosai ya shiga kasko," su maimaita amshin. Baiti na canzawa, amshi na nan daram, sunan man kuma ya faɗo sau uku a kan bugun kalangu, inda kunne ke jira. Mai sa kiɗa ya kula da hawa da saukar muryar Hausa, domin in karin waƙa ya karya su, sunan ma sai ya ɓace. Gwajin mai sauƙi ne: a sa wa yara sau biyu, in ba su rera ba, a sake rubutu. Jimlar rufewa ta zama gajera, wadda kasko zai gaskata: "Kifi ya yi ja, mai bai yi baƙi ba." In man bai cika wannan alkawari ba, kada a rera shi, domin mai suya za ta gane tun ranar farko.