Motarka Ce Jiya, Yau Ta Kasuwanci Ce

Duk wanda ya zauna ajin akanta a shekarar farko ya ci karo da wannan tambaya: mutum ya kawo motarsa ta kansa cikin kasuwancin haɗin gwiwa, yaya za a shigar da ita a littafi? Yawancinmu mukan haddace amsar, mu samu makinmu, mu wuce. Ni kuwa ina ganin layuka biyun nan sun fi ƙarfin maki biyar na jarrabawa. Da yawa daga cikinmu in mun gama difloma ba aikin ofis ke jiranmu ba, haɗa hannu za mu yi da aboki ko ɗan'uwa, wani ya kawo kuɗi, wani ya kawo mota ko Keke Napep. Ra'ayina shi ne: adadin da aka rubuta a kan motar ranar farko shi ke yanke wa zumuncin hukunci, kuma duk wanda ya bar shi a baki kawai ya ajiye wa kansa rigima.

Mu ɗauki abokai biyu da za su fara kai burodi da lemo shaguna. Ɗaya yana da mota ƙirar Siyana da ya saya naira 6,000,000 shekara uku da suka wuce. Ɗayan yana da tsabar kuɗi naira 2,000,000. Mu kira su mai mota da mai kuɗi. Sun kai motar wajen bakanike ya duba inji da giya, sun tambayi dillalai biyu, suka amince cewa a yau ba za ta wuce naira 4,000,000 ba. Ga yadda littafi zai ɗauke su:

Dr Asusun mota 4,000,000
Cr Jarin mai mota 4,000,000

Dr Asusun banki 2,000,000
Cr Jarin mai kuɗi 2,000,000

Ɓangaren hagu yana cewa kasuwanci ya samu kadara. Ɓangaren dama yana cewa ga wanda kadarar ta fito daga hannunsa, ga kuma abin da yake da haƙƙi a kai. Ko sisin kwabo bai shiga banki ba ta dalilin motar, amma jari ya ƙaru, domin jari ba lalle sai tsabar kuɗi ba.

Wurin da ake fara samun saɓani shi ne farashin. Mai mota zai ce, "Ai ni miliyan shida na biya, ga ma rasit." Gaskiya ne, amma shekara uku yana hawanta, ya kai iyali ƙauye, ya je biki, ya je ta'aziyya. Wannan amfanin shi ya ci shi, ba kasuwanci ba. Abin da ya kawo shi ne motar yau, ba ta ranar da ya fito da ita daga wajen dillali ba. Kuma maganar nan kaifi biyu gare ta. Tun da darajar naira ta faɗi a 2023, akwai motocin da kuɗinsu na yau ya zarce abin da aka saye su. In haka ta kasance, mai kuɗi ma ba shi da hurumin cewa a koma wa tsohon rasit. Ƙa'idar ɗaya ce: ƙimar ranar da aka shigo da ita, wadda duka suka yarda da ita. Idan kuma akwai sauran bashi a kan motar, misali naira 500,000, kasuwanci ya ɗauki nauyin biya, to jarin mai mota 3,500,000 ne, sauran a rubuta shi bashi.

To, me zai faru in an yi kara an rubuta miliyan shida? Bari mu bi lissafin zuwa ƙarshen shekara mu gani. Sun yi yarjejeniya cewa mai kuɗi, tunda shi ke wuni yana bin shaguna yana karɓar ciniki, za a ware masa albashin naira 300,000 a shekara, abin da ya rage kuma a raba gwargwadon jari. Sun kuma ƙiyasta motar za ta yi musu aiki shekara biyar, sannan a iya sayar da ita naira 1,000,000. Ke nan abin da za ta rage na daraja shi ne 3,000,000, a raba gida biyar, naira 600,000 kowace shekara. Wannan raguwar darajar asara ce ta kasuwanci, ana cire ta kafin a ce an samu riba, su biyun ke ɗaukarta, ba mai mota kaɗai ba.

A ce bayan an cire kuɗin kaya, fetur, gyara da ladan yaron mota, an samu rarar naira 2,400,000. A cire raguwar darajar mota, riba ta zama 1,800,000. A ware albashin mai kuɗi, saura 1,500,000. Jarinsu miliyan huɗu ne da miliyan biyu, wato kashi biyu da kashi ɗaya. Mai mota ya tashi da 1,000,000, mai kuɗi ya samu 500,000, a haɗa masa da albashinsa ya zama 800,000. Shigarwar ita ce:

Dr Asusun rabon riba 1,800,000
Cr Asusun yau da kullum na mai mota 1,000,000
Cr Asusun yau da kullum na mai kuɗi 800,000

Yanzu a maimaita da miliyan shida. Raguwar daraja ta tashi zuwa 1,000,000 a shekara, saboda haka riba ta sauka zuwa 1,400,000. Bayan albashi saura 1,100,000. Rabon ma ya canja, ya koma kashi uku da kashi ɗaya. Mai kuɗi da zai samu 500,000, yanzu 275,000 zai gani. An doke shi sau biyu: ribar ta ragu, kasonsa a cikinta ma ya ragu. Sannan ranar da za a watse, littafi zai nuna abokinsa na da jarin miliyan shida, alhali abin da ya kawo bai kai haka ba. Kunyar minti biyar ta ranar farko ce ta haifi duk wannan.

Akwai abubuwa biyu a shigarwar rabon nan da nake so mu lura da su. Na farko, albashin abokin haɗin gwiwa ba irin albashin yaron mota ba ne. Na yaron mota kuɗin aiki ne, ana cire shi kafin a san riba. Na abokin haɗin gwiwa kuwa yanki ne na ribar kanta, shi ya sa yake fitowa a asusun rabon riba. Wanda ya haɗa su wuri ɗaya ya ɓoye ainihin abin da kasuwancin ya samu. Na biyu, asusun yau da kullum ɗin nan ba na banki ba ne, shafi ne a littafin kasuwanci. Ana ware shi daga asusun jari domin jari ya tsaya yadda aka ajiye shi, riba da abin da mutum ya ɗiba su riƙa shiga da fita a wani wuri dabam. Rubuta wa mai mota miliyan ɗaya ba yana nufin akwai miliyan ɗaya a banki tana jiransa ba. Wataƙila rabinta na cikin kayan da ke sito, ko bashin da ake bin masu shaguna. In ya riga ya ɗibi 400,000 a cikin shekara, abin da ya rage masa 600,000 ne.

Na san abin da wasu za su ce: "Haba, mu da muka taso unguwa ɗaya, sai mun yi rubutu kamar marasa amana?" Ina girmama wannan magana, amma a duba abin da doka ke yi wa waɗanda ba su yi yarjejeniya ba. Dokar haɗin gwiwa ta Birtaniya ta 1890, wadda darasinmu ya ginu a kanta, ta ce a sashe na 24 in babu wata yarjejeniya, riba da asara raba-daidai za a yi, kuma babu wanda ke da haƙƙin albashi. A misalinmu kowa zai ɗauki 900,000. Mai mota da yake zaton jarinsa mai yawa zai ba shi kaso mai tsoka ya rasa 100,000. Mai kuɗi da ya sha rana shekara guda ba a ambaci guminsa ba ko da layi ɗaya. Yarjejeniyar baki ma yarjejeniya ce, amma ranar da aka yi saɓani kowa abin da ya yi masa daɗi zai tuna. Takarda ba ta hana amana, tana dai tsare ta daga mantuwa.

Abin da ya fi wuya a haɗiye shi ne wannan: daga ranar da aka shigar da motar a matsayin jari, ta daina zama ta mai mota shi kaɗai. Sashe na 20 na dokar ya ɗauki duk abin da aka shigo da shi cikin jarin kasuwanci a matsayin dukiyar haɗin gwiwa, da za a yi amfani da ita don kasuwancin. Ba zai wayi gari ya ce yau ba a fita aiki don zai kai amarya ba. In ya sha man kasuwanci zuwa harkar gidansa, a rubuta a kansa a matsayin abin da ya ɗiba. In aka sayar da motar da riba ko da faɗuwa, su biyu ne a ciki. Idan takardun mota da inshora suna nan da sunansa, to yarjejeniyar ta faɗi a fili cewa motar ta kasuwanci ce, da lambarta, da ƙimarta, da kwanan wata, kowa ya sa hannu gaban shaidu. In ba haka ba, ranar da ya rasu magada za su ga takarda da sunan mahaifinsu, su ce gado ce, kuma ba za a ga laifinsu ba.

Wanda zuciyarsa ba za ta iya rabuwa da motarsa ba, akwai hanya mai tsabta: kada ya kira ta jari. Ya ba kasuwanci haya, a riƙa biyansa wani adadi kowane wata, a rubuta shi cikin kuɗin da aka kashe. A nan motar ba ta shiga jerin kadarorin kasuwanci, raguwar darajarta tasa ce, kuma ba ta ƙara masa ko kobo a asusun jari. Abin da ba zai yiwu ba shi ne cin tudu biyu: ana raba maka riba a kan miliyan huɗu, kana kuma riƙe da makulli kana cewa "motata".

Saboda haka 'yan'uwana ɗalibai, musamman masu shirin fita bana, kafin a zuba man farko a amsa tambaya huɗu a rubuce. Motar jari ce ko haya? Nawa aka ƙiyasta ta, wa ya ƙiyasta? Wa ke da albashi, nawa ne? Ragowar riba da asara, a kan wane kaso za a raba? Shafi ɗaya ya isa. Ku 'yan sashen akanta kuma, in abokanku na injiniya ko noma suka zo da maganar haɗa jari, ku zaunar da su ku yi musu lissafin nan da alƙalumansu tun ana dariya.