Bidiyon da Ya Ƙi Tashi Ranar Bayani

Malami ya shirya darasinsa a PowerPoint, ya kwafe shi a filas, ya je aji, bidiyo ya ƙi tashi. Sau da yawa laifin na hanyar saka bidiyon ne. A akwatin zaɓen fayil akwai zaɓi biyu. `Link to File` adireshin bidiyon kurum yake ajiyewa, saboda haka da an ɗauki darasin an bar bidiyon a baya, magana ta ƙare. `Insert` kuwa yakan haɗiye bidiyon cikin darasin, su tafi tare, ko babu intanet. Haka abin yake ga sauti.

Masu son na farko suna cewa na biyu yana ƙara wa fayil nauyi. Gaskiya ne, amma gara fayil mai nauyi da wanda ya kunyata mai shi, balle `Compress Media` yana rage nauyin. Nauyin ma shi ne shaida: idan bidiyon megabait 40 ne, darasin kuma megabait 2, to bai shiga ba.

Saboda haka a zaɓi MP4, a kashe intanet, a gwada a wata kwamfutar tun kafin ranar.