Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Shugabannin 'Yan Kasuwar Wunti

Iyayena shugabanni,

Ina roƙonku ku hori mambobinku su raba kuɗin shago da na gida kafin su nemi rancen banki. Banki ba ya duba cikar shago. Takardar shige da ficen kuɗin asusu yake nema, galibi ta wata shida zuwa shekara. Ɗauki mai sayar da shinkafa da ke cinikin naira 200,000 a rana, ribarsa 15,000. Idan daga aljihu ɗaya yake cefane, kuɗin makaranta da gudummawar biki, ya kashe 20,000, kullum yana cinye 5,000 daga jarinsa bai sani ba. Alamar ita ce ciniki na tafiya, amma buhunan da yake sarowa suna raguwa.

Maganin bai da tsada: asusu daban na shago, albashin da zai yanka wa kansa, da littafi mai nuna ciniki, sari, kashewa da bashin da yake bi. Wasu za su ce ba su yi boko ba. Ai ajami ma rubutu ne. Masu gudun kuɗin ruwa kuwa, ko bankin Jaiz sai ya ga lissafi kafin ya sayo musu kaya.

Wassalam.

Naku,
Mazaunin Ƙofar Wambai, Bauchi