Ƙorafi Kan Sallamata Daga Aiki Ba Tare da Notis Ba

Zuwa ga Shugaban Ofishin Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya,
Katsina, Jihar Katsina.

14 ga Afrilu, 2025.

Ranka ya daɗe, na kawo kukana gabanka ne a kan yadda aka raba ni da aikina a wata masana'antar sarrafa farar ƙasa da ke Ƙanƙara, da kuma haƙƙin da na gano ina bin masu ita. Sunan masana'antar da na manajanta suna cikin takardar da na maƙala a bayan wannan.

Ni mutuniyar wani ƙauye ce a ƙasar Faskari. Rashin tsaro ya taso mu, muka dawo Ƙanƙara da 'ya'yana huɗu, mahaifinsu kuwa Allah ya yi masa rasuwa. A watan Janairu na 2020 na fara aiki a ɓangaren tankaɗe da ɗinkin buhu. Idan injin ya niƙa ƙasar, mu muke tace ta, mu cika buhu, a auna, mu ɗinke baki. Kwana shida a mako, daga takwas na safe zuwa biyar na yamma, kuma duk wanda ya gan mu da yamma ya san inda muka fito, don har gashin ido fari yake komawa. A watan Disamba na 2020 da aka kwashe ɗaliban makarantar kimiyya, gari ya ruɗe, ban bar aiki ba. A watan Satumba na 2021 da aka rufe layukan waya a Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, motocin ɗaukar kaya suka yi ƙaranci, manaja da kansa ya ce mu zauna gida mako uku, ya kuma aiko a kira mu da kaya suka fara tafiya.

Ranar Litinin, 17 ga Maris na bana, muna cikin azumi, na isa bakin ƙofa mai gadi ya ce in tsaya. Mu shida aka tara, mata huɗu da maza biyu, biyu daga cikinmu 'yan Sabuwa ne. Manaja ya fito ya ce an sayo injin ɗinkin buhu, aiki ya ragu, daga yau kowa ya nemi wani abin yi. Na ce, "Yallaɓai, laifin me muka yi?" Ya ce babu laifi. Na ce to kuɗin kwanakin da muka yi a watan nan fa? Ya ce sai bayan Salla. Ba a ba mu takarda ba, ba a ba mu ko kuɗin mota ba. Salla ta wuce, na koma sau uku, ban wuce wurin mai gadi ba.

Da farko haƙuri na yi niyyar yi, domin a zatona tun da ba ni da takardar ɗaukar aiki, ba ni da bakin magana. Wani dattijo maƙwabcinmu, wanda ya daɗe a harkar ƙungiyar ma'aikatan masaƙa a Funtuwa, shi ya zaunar da ni ya ɗauko Dokar Ƙwadago, 'yarsa tana karantawa yana yi mini bayani. Abu na farko da ya nuna mini shi ne sashe na 7, wanda ya ɗora wa mai ɗaukar aiki nauyin bai wa ma'aikaci rubutattun sharuɗɗan aikinsa kafin a wuce wata uku da farawa. Ashe rashin takardar nan laifinsu ne, ba nawa ba, kuma bai goge shekarun da na yi ba.

Daga nan sai maganar notis, a sashe na 11. Dokar ta auna shi da daɗewar mutum a aiki: kwana ɗaya ga wanda bai wuce wata uku ba, mako ɗaya ga wanda ya wuce wata uku amma bai kai shekara biyu ba, mako biyu daga shekara biyu zuwa ƙasa da biyar, sai wata ɗaya ga wanda ya kai shekara biyar. Kuma duk notis da ya kai mako ɗaya dole ya zama a rubuce. Ni shekarata biyar da wata biyu, don haka wata guda cur nake da shi. Idan ba sa son in ƙara kwana a wurin, doka ta yarda su biya ni albashin watan a madadinsa, amma tsurar albashi, ban da alawus da kuɗin ƙarin lokaci. Hanya ɗaya da za su kore ni nan take ba notis ba biya ita ce in na aikata babban laifi, kamar sata, manaja kuwa ya faɗa a gaban mutum shida da mai gadi cewa babu laifi.

Na ji ƙishin-ƙishin cewa za su ce wancan zaman gida na mako uku a 2021 ya katse aikina, wai sabon ɗauka aka yi mini. Idan aka yarda da haka, shekaruna sun koma uku da rabi, notis ɗina ya koma mako biyu. Ina roƙon a duba wannan da kyau. Ba ni na tafi ba, su suka ce mu jira. Ba a sallame ni a lokacin ba, ba a biya ni komai na sallama ba, kuma da na dawo a layi ɗaya na ci gaba da sa hannu a littafin kashiya.

Abin da ya fi yi mini ciwo shi ne wanda na ji a sashe na 20. Idan ma'aikata sun yi yawa, aka ga sai an rage, doka ta ce a sanar da ƙungiyar ma'aikata ko wakilinsu dalili da yawan waɗanda abin zai shafa, a fara da wanda ya zo daga baya, tare da la'akari da ƙwarewa da riƙon amana, sannan mai masana'anta ya yi iya ƙoƙarinsa a daidaita a kan kuɗin sallama. Ko ɗaya ba a yi ba. Akwai mata uku da ni na koya musu riƙon allura a 2023, suna nan suna aiki. Ba na yi musu baƙin ciki, su ma abinci suke nema. Amma ina so a tambayi manaja da wane ma'auni ya zaɓe mu.

Ranka ya daɗe, dattijon nan bai ruɗe ni ba, ni ma ba zan nemi abin da ba nawa ba. Ya gaya mini ƙarara cewa Dokar Ƙwadago ba ta yanka wani adadi na kuɗin sallama ba, tattaunawa ta wajabta. Garatuti ma sai in yana cikin yarjejeniyar aiki, ni kuwa ba a taɓa yi mini alkawarinsa ba, shi ya sa ban sa shi a lissafi ba. Ya kuma ce da wuya kotu ta tilasta wa kamfani mai zaman kansa ya mayar da wanda ya kora. Na haƙura da komawa.

Sai maganar albashi, wadda ita ce mafi nauyi. Naira 45,000 ake biyana a wata. A watan Yuli na 2024 aka sa hannu a dokar da ta mayar da mafi ƙarancin albashi Naira 70,000. Dokar ta ɗauke wa wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, da masu aikin wucin gadi na 'yan sa'o'i, da waɗanda ake biya gwargwadon abin da suka yi. Mu mun haura arba'in, kuma ni albashin wata nake karɓa, ba a ƙirga mini buhu. Ke nan kowane wata ana rage mini Naira 25,000. Daga Agusta na 2024 zuwa Fabrairu na 2025 wata bakwai ne, ya kama Naira 175,000.

A kan wannan sai a ɗora kuɗin notis na wata ɗaya, Naira 70,000, da rabin watan Maris da na yi aikinsa ba a biya ba, Naira 35,000. Hutun shekara kuma, sashe na 18 ya ba duk wanda ya cika wata goma sha biyu aƙalla kwana shida na aiki da cikakken biya. Ban taɓa samun ko ɗaya ba. Tun da doka ba ta yarda a jinkirta hutu ya wuce wata 24 ba, na tsaya a kan shekara biyu na ƙarshe, kwana 12. Idan aka raba Naira 70,000 gida 26, kwanakin aikinmu a wata, aka ninka sau 12, ya tashi kusan Naira 32,300. Akwai kuma Naira 8,000 da aka cire mini a watan Janairu, wai buhuna sun yage a mota. Sashe na 5 ya hana cin tarar ma'aikaci, kuma ko asara ya jawo da sakacinsa ba a taɓa albashinsa sai da rubutaccen izinin jami'in ƙwadago. Ina so su nuna wannan izini. Jimillar abin da nake bi ita ce Naira 320,300, ban da abin da za a daidaita a kai na sallama.

Hujjata ba ta da yawa, amma tana nan. Tun 2022 ta banki ake biyanmu, na je an buga mini bayanan asusuna, sunan masana'antar yana kan kowane biya. Kafin nan hannu da hannu ne, muna sa hannu a littafin kashiya, kuma littafin yana wurinsu. A nan ne nake jin tsoro, domin sashe na 75 shekara uku kawai ya wajabta musu ajiye bayanan albashi, don haka suna iya cewa na 2020 da 2021 ba su nan. Akwai mata biyu da muka fara aiki wata ɗaya, sun yarda su ba da shaida, haka ma mai unguwarmu ya san lokacin da na fara.

Saboda haka nake roƙonka da ka turo jami'in ƙwadago Ƙanƙara, ya duba littafin albashi da na halartar aiki, ya ƙirga ma'aikata da idonsa. Ina roƙon a kira mai masana'antar da mu shida a zauna a gabanka, a biya kowa haƙƙinsa gwargwadon shekarunsa, a tattauna kuɗin sallama, a kuma ba ni takardar shaidar cewa na yi aiki daga Janairu na 2020 zuwa Maris na 2025 kuma ba don laifi na bari ba. An ce mini Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ce ke sauraron irin wannan ƙara, tana da reshe a Kano, kuma idan sulhu ya gagara can zan nufa. Amma kuɗin motar zuwa Kano sau biyu ya isa abincin gidana na kwanaki, shi ya sa na fara da ƙofarka.

Mai gidan da muke haya ya ba ni zuwa ƙarshen watan Mayu. Ina roƙon a sa mana ranar zama kafin lokacin. 

Wassalam,
Mai ƙorafi, tsohuwar ma'aikaciyar ɓangaren tankaɗe da ɗinkin buhu,
Ƙanƙara.