Zuwa ga ma'aikatan ɗakin kati: a ƙirga rajista kowane mako



Wata abokiyar aikinmu ce ke riƙe da bayanan masu zuwa awo a wani ƙaramin asibiti. Da rana tana shigar da su a kwamfuta, ƙarfe 11 na dare kuma manhaja ta tura aikin yinin zuwa babbar kwamfuta a ofishin jiha. Kullum da safe allo na nuna mata an tura lafiya.

Da wata ya ƙare sai ta ɗauko rajistar takarda, mai bangon nan da ya sha hannu, ta bi layi-layi da bakin biro. Ta samu zuwa awo 412. Babbar kwamfuta ta ce 467. Ta sake ƙirgawa har sau biyu, gabanta na faɗuwa, don ta ɗauka ita ta tsallake shafi. Ashe mata 55 ne aka rubuta sau biyu: lambar kati ɗaya, rana ɗaya, nauyi ɗaya, sai dai tazarar 'yan mintoci a lokacin isar bayanin.

Ga abin da ya faru. A daren da sabis ya yanke ana tsakiyar turawa, bayanin ya riga ya isa har an adana shi, amma saƙon da ke cewa an karɓa bai dawo ba. Manhajar ta ɗauka bai je ba, ta sake aikawa. Babbar kwamfutar kuwa duk abin da ya shigo sabuwar lamba take ba shi, ba ta da hanyar gane cewa ta taɓa ganinsa. Shi ya sa ba a ga alamar kuskure ko ɗaya ba.

Don Allah ku riƙa gwada rajista da babbar kwamfuta kowace Juma'a, tun kuna iya tuna fuskokin da suka zo. In lissafi ya saɓa, ku sa mai kula da rumbun bayanai ya buga wannan:

```sql
SELECT card_no, visit_date, COUNT(*)
FROM visits
GROUP BY card_no, visit_date
HAVING COUNT(*) > 1;
```

Abin da ya fito zargi ne kawai, kada ku yi gaggawar gogewa. Mace na iya zuwa da safe ta dawo da yamma da ciwon mara, kuma share zuwanta na biyu ya fi maimaici haɗari. Kada ku dogara da suna ma. Aisha Muhammad nawa ne a rajistarku? A fara ajiye kwafin rumbun, sannan a duba kowane layi da katinsa a hannu.

Gyaran gaske yana wurin masu manhaja. Ku nemi kowane bayani ya samu lambarsa ta dindindin, wato UUID, tun lokacin da kuka shigar da shi, a kuma sa mata sharaɗin `UNIQUE` a babbar kwamfuta. Abokiyarmu ta matsa har aka yi haka. Sannan ta sa aka yi turawar da rana, ta zare wayar intanet ana tsaka da aiki, ta mayar. Da aka ƙirga, ko layi ɗaya bai ƙaru ba.

'Yar'uwarku a ɗakin kati